Hutu ba albashi don bin miji ko mata ƙasar waje: yadda ake nemansa a Kumasi da abin da yake ci wa ma'aikaci

A unguwannin Zangon Kumasi, daga Tsohon Zango zuwa Aboabo, Asawase da Sawaba, tafiya ba baƙon abu ba ce, domin fataken goro ne suka kafa wurin tun asali. Abin da ya sauya shi ne, yau sau da yawa miji da mata duka ma'aikatan albashi ne. Idan banki ko kamfani ko gwamnati ta tura ɗaya aiki Abijan, Lome, Abuja ko Jidda na shekara biyu ko uku, ɗayan yakan ga kamar zaɓi biyu ne kawai a gabansa: ya ajiye aikinsa ya bi iyali, ko ya zauna a raba gida. Akwai hanya ta uku, wato hutu ba albashi. Ma'aikaci yana barin bakin aiki na wani lokaci da aka ƙayyade, ba a biyansa ko kwabo, amma sunansa yana nan cikin ma'aikata, kuma yana da ikon dawowa. Galibi mata ne ke nemansa, sai dai ƙa'idar ɗaya ce ga namijin da zai bi matarsa.

Doka ba ta wajabta shi ba

Masu karatu daga Nijar da sauran ƙasashen da ke aiki da Faransanci sun san matsayin da ake kira disfonibilite a aikin gwamnati. A Faransa kanta, ma'aikacin gwamnatin da aiki ya kai abokin aurensa nesa yana da haƙƙin samun wannan matsayi har shekara uku, ana kuma sabuntawa, kuma hukuma ba ta da ikon hana shi. Wanda ya ɗauki wannan fahimta ya shigo da ita Ghana zai sha mamaki.

Dokar Ƙwadago ta Ghana ta 2003, mai lamba 651, ta tanadi hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki 15 da cikakken albashi, da hutun haihuwa na aƙalla mako 12. Ba ta ce dole mai ba da aiki ya sallami ma'aikaci don ya bi matarsa ko mijinta ba. Inda ta taɓo batun shi ne sashe na 23, wanda ya ce idan an ba ma'aikaci hutu na musamman da izinin mai aikin, da albashi ko babu, ba za a cire kwanakin daga hutunsa na shekara ba. Ke nan doka ta san da irin wannan hutu, amma ta bar bayar da shi a hannun mai aiki. Sojoji, 'yan sanda da ma'aikatan gidan yari ma ba sa ƙarƙashin wannan doka gaba ɗaya, nasu ƙa'idojin daban ne.

Saboda haka madogarar mai nema tana cikin takardun wurin aikinsa: kwantiraginsa, kundin sharuɗɗan aiki, da yarjejeniyar da ƙungiyar ƙwadagonsa ta ƙulla da hukuma. Ga ma'aikatan gwamnati akwai kuma kundin kula da ma'aikata da Hukumar Ayyukan Gwamnati ta fitar a 2015. Malamin makaranta zai samu nasa a ofishin ƙungiyarsa, GNAT ko NAGRAT, nas kuma a wajen GRNMA. Abu biyu ake nema a ciki kafin a rubuta komai: iyakar tsawon hutun da aka yarda da shi, da kuma wanda yake da ikon sa hannu. Idan yarjejeniyar ƙungiya ta ambaci hutun bin abokin aure da sunansa, to mai nema yana tsaye a kan ƙafarsa, domin sharuɗɗan irin wannan yarjejeniya suna zama ɓangaren kwantiragin kowane ma'aikaci da ta shafa. Idan ba ta ambata ba, alfarma yake nema, kuma wasiƙar mai neman alfarma tana buƙatar ta sauƙaƙa wa shugaba cewa "to".

Wata malama a Aboabo

A ɗauki misalin wata malama mai shekara 34, tana koyarwa a ɗaya daga cikin makarantun Turanci da Larabci da ke ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci na Hukumar Ilimi ta Ghana, GES. Ta fara aiki tana da 25, wato shekararta tara ke nan. A watan Maris kamfanin mijinta ya ba shi takardar sauyin wurin aiki zuwa Abijan na shekara uku, zai fara a watan Yuni.

Shawarar farko da za ta yanke ita ce ranar fara hutun. Zuciya za ta so Yuni, a tafi tare. Amma malamin da ya nemi barin aji a tsakiyar zangon karatu na uku yana jefa hedimasta cikin neman wanda zai riƙe yara dab da jarrabawa, kuma hedimastan ne mutum na farko da zai rubuta ra'ayinsa a kan wasiƙar. Idan ta nemi hutun ya fara 1 ga Satumba, farkon sabuwar shekarar karatu, ta ba ofis wata biyar na neman madadinta, ita kuma za ta ci dogon hutun ƙarshen shekara da albashinta. Mijin ya riga ta tafiya da wata biyu ko uku, ya nemi gida da makarantar yara. Wannan ɗan jinkiri shi ne mafi arhar abin da za ta iya bayarwa don a amince.

Wasiƙar da Turanci ake rubuta ta, kuma shafi ɗaya ya isa. Za ta faɗi sunanta, lambarta ta ma'aikaci, matsayinta da makarantarta, sannan ta ambaci irin hutun da take nema a sarari, kada a rikita shi da hutun ƙaro karatu wanda yake da nasa layin da nasa adadin gurabe. Za ta sa ranar farawa da ranar dawowa, rana da wata da shekara. "Har sai mijina ya gama aikinsa" ba lokaci ba ne, kuma babu jami'in da zai sa hannu a kansa. Dalilin jimla biyu ne: an tura mijinta aiki ƙasa kaza daga rana kaza zuwa rana kaza, tana so ta bi shi da yara. Dogon bayani a kan wahalar rabuwar iyali ba ya ƙara wa wasiƙa nauyi. Abin da ke ƙara mata nauyi shi ne abin da aka haɗa da ita: takardar da ta tura mijin, takardar aure, takardar ɗaukarta aiki da ta ƙarin girmanta na ƙarshe, da takardar albashin watan da ya wuce.

Daga nan wasiƙar za ta bi tsani. Hedimasta zai sa hannu, manajan sashen makarantun Musulunci zai gani, ta je ofishin daraktan ilimi na Asokore Mampong, wanda Aboabo ke ƙarƙashinsa, ta wuce ofishin yankin Ashanti a Kumasi, sannan hedikwata a Akra. A kowane mataki ana iya ajiye fayil a manta da shi, ba don mugunta ba, sai don babu wanda ya zo tambaya. Saboda haka malamar za ta riƙe kwafi mai hatimin "an karɓa" da kwanan wata daga kowane ofis, ta kuma san lambar wasiƙar da aka tura fayil ɗin gaba da ita. Nas da ke aiki a asibitin gwamnati na Manhyia tsaninta na Hukumar Lafiya ta Ghana ne. Wadda ke Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye kuma nata yana cikin asibitin, domin asibitocin koyarwa suna da hukumomin gudanarwarsu.

Akwai abin da ke kashe nema tun kafin ya bar ofishin farko: alƙawarin yi wa hukuma aiki. Wanda ya je ƙaro karatu da albashi ya sa hannu cewa zai dawo ya yi wasu shekaru. Idan shekarun ba su cika ba, ko dai a ƙi, ko a ce ya biya abin da aka kashe masa, kuma waɗanda suka tsaya masa lamuni su ma abin zai taɓa su. Haka wanda ba a tabbatar da shi a aiki ba tukuna, da wuya a saurare shi.

Takardar aure, inda mutanen Zango suka fi tuntuɓe

Yawancin auren Zango a masallaci ko a ƙofar gida ake ɗaura shi, da waliyyi da shaidu da sadaki. A addini ya cika. Amma jami'in ofis a Akra, balle ma'aikacin biza a ofishin jakadanci, takarda yake so, kuma ba kowace takarda ba.

Ghana tana da dokar rajistar auren Musulmi tun 1907, wadda yanzu take cikin kundin dokokin aure na ƙasa. Ta ce a yi rajista cikin mako ɗaya da ɗaura auren: ango, waliyyin amarya, shaidu biyu da limamin da ke da lasisin gwamnati su je gaban magatakardan aure na gunduma su sa hannu. Mutane ƙalilan ne suke yin haka, da yawa ma ba su taɓa jin labarinta ba. Takardar da masallaci ko wata ƙungiyar addini ke bayarwa shaida ce mai amfani, amma ba ita ce takardar da wannan doka take nufi ba. Idan mako ya wuce, hanyar da dokar ta buɗe ita ce a nemi izinin alƙalin Babbar Kotu ta hanyar takardar rantsuwa, a bayyana dalilin jinkiri, sannan a yi rajistar. Wannan yana cin makonni da kuɗin lauya, shi ya sa malamar ya kamata ta fara da shi tun a makon da takardar mijin ta fito, kafin ma ta rubuta wasiƙar hutu.

Wasu ma'aikatu suna karɓar takardar rantsuwa daga iyaye ko waliyyai cewa an ɗaura auren. Ga neman hutu kawai wannan na iya wadatarwa. Ga bizar iyali sau da yawa ba ta isa, kuma ƙasar da za a je na iya buƙatar Ma'aikatar Harkokin Wajen Ghana ta tabbatar da takardar, a kuma fassara ta zuwa Faransanci ko Larabci.

Nan ne wasu ke ɗaukar gajeriyar hanyar da ke da ƙaya. Sai a ce musu su je ofishin rajista na birnin Kumasi su yi "auren kotu", takarda ta fito da wuri. Gaskiya ne takardar tana da ƙarfi a ko'ina. Amma wannan aure na mace ɗaya ne a doka. Namijin da ya yi shi ba zai iya ƙara aure ba muddin yana nan, in ya ƙara ya aikata laifi, kuma wanda yake da wata matar tun farko ba shi da ikon yin sa. Ma'aurata na iya zaɓarsa da saninsu, wannan ra'ayinsu ne. Abin gudu shi ne a shige shi don gaggawar fayil ba a san abin da aka sa wa hannu ba. Ga mai mata fiye da ɗaya kuma, ƙasashe irin su Faransa da Birtaniya mace ɗaya kawai suke ba wa izinin zama a matsayin matar aure, don haka kada wadda ba za ta samu biza ba ta riga ta nemi hutu.

Kada a tafi kafin amsa ta fito, kada a ci albashin da ya ci gaba da shigowa

Kurakurai biyu ne suka fi mayar da hutu kora. Na farko shi ne tafiya da izinin baki. Hedimasta ya ce "ki je kawai, Hajiya, takarda za ta biyo ki", an sayi tikiti, an kulle gida. Hedimasta ba shi da ikon ba da wannan hutu, shawara kawai yake rubutawa. A ƙa'idar GES, malamin da ya yi kwana goma a jere ba ya bakin aiki ba da izini ba ana ɗaukarsa ya yi watsi da aikinsa. Miƙa wasiƙa ba izini ba ne, shirun ofis ma ba izini ba ne. Idan hedimastan ya yi ritaya ko aka sauya shi, wanda ya gaje shi zai ga suna a rajista babu mutum a aji, kuma abin da zai rubuta ke nan. Komawa bayan haka daidai yake da neman sabon aiki, wanda sai Ma'aikatar Kuɗi ta ba da izinin ɗaukar ma'aikata. Duk wanda ya ga yadda malamai da nas da suka gama karatu suke jiran wannan izini shekara da shekaru ya san abin da aka yi asara.

Idan 1 ga Satumba ta zo amsa ba ta fito ba, malamar za ta koma aji. Abin da ciwo, amma shi ne kawai matsayin da ba za a kama ta da laifi a cikinsa ba. Tana iya rubuta tunatarwa, ta haɗa da kwafin masu hatimi, ta nemi sakataren ƙungiyarta na gunduma ya bi mata fayil ɗin.

Kuskure na biyu ya fi yaudara, domin yana zuwa da kamannin sa'a. An amince, an tafi, sai ga saƙon banki a ƙarshen wata: albashi ya shiga. Albashin ma'aikatan gwamnati daga ofishin Babban Akanta na Ƙasa, CAGD, yake fitowa, kuma kowane wata shugaban wurin aiki yana tabbatar da sunayen ma'aikatansa a tsarin da ake kira ESPV. Idan bai nuna cewa wance tana hutu ba albashi ba, ko takardar amincewar ba ta kai ga masu lissafin albashi ba, kuɗi zai ci gaba da zuba. A ce abin da ke shiga hannun malamar sidi 3,500 ne a wata, kuma an yi wata takwas ba a tsayar ba: sidi 28,000 ke nan da ba nata ba. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi yana kawo irin waɗannan sunaye kowace shekara, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2017 a ƙarar da ƙungiyar OccupyGhana ta shigar, an umarce shi ya riƙa ɗora wa mutane biyan abin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. Bashin yakan hau kan wanda ya karɓa, ya kuma taɓa shugaban da ya tabbatar da sunan.

Maganin ba wuya. Kafin tafiya ta kai kwafin amincewar ga hedimasta da akantan ofishin ilimi, ta karɓi hatimi. Idan duk da haka kuɗi ya shigo, kada ta taɓa shi. Ta rubuta wa darakta a makon, ta nemi a faɗa mata asusun gwamnati da ake mayar da irin wannan kuɗi, ta biya ta banki, ta adana rasit. Ba a miƙa wa kowa tsabar kuɗi a hannu "ya mayar".

Tsayawar albashi tana tsayar da wani abu kuma: cire-ciren da ake yi daga tushe. Bashin banki, na Asusun Malamai ko na ƙungiyar adashi, da kuɗin inshora, duk daga albashi ake zare su kafin ya iso. Ranar da albashi ya tsaya, biyan ya tsaya, ruwa kuma yana ci gaba da hawa. Ko ta biya saura kafin ta tafi, ko ta zauna da mai bashin a rubuta sabuwar hanyar biya.

Lissafin fansho

Wannan ne ɓangaren da ba a jin zafinsa sai bayan shekara ashirin da wani abu. A ƙarƙashin Dokar Fansho ta 2008, mai lamba 766, ana zuba kashi 18.5 cikin ɗari na albashin tushe kowane wata: 13 daga mai ba da aiki, 5.5 daga ma'aikaci. Kashi 13.5 yana zuwa hukumar SSNIT, kashi 5 kuma asusun mataki na biyu. Wata ba albashi wata ne ba zubi.

SSNIT tana ƙirga watanni. Sai mutum ya cika wata 180, wato shekara 15, yake cancantar fanshon wata-wata, kuma a wannan matakin yana samun kashi 37.5 cikin ɗari na matsakaicin albashinsa na shekaru uku mafi tsoka. Kowace shekara da ta ƙaru tana ƙara kashi 1.125, har a kai iyaka, kashi 60, a shekara 35. Malamar ta fara tana da 25, da ba ta tsaya ba za ta kai 60 da shekara 35 cif, ta samu kashi 60. Da hutun shekara uku za ta tashi da shekara 32, kashi 56.625. Bambancin kashi 3.375 ne. Idan matsakaicin albashinta a lokacin ritaya sidi 6,000 ne, za ta rasa kusan sidi 200 kowane wata har ƙarshen rayuwarta. Asara ce, amma ba mai hana tafiya ba.

Haɗarin gaske yana wani wurin. Watanninta 108 ne yanzu, saura 72 ta kai 180. Idan shekara uku ta zama shida, shida ta zama zama, ba ta dawo ba kuma ba ta ci gaba da zubi ba, ba za ta samu fanshon wata-wata ba sam, sai dai a mayar mata da zubinta da ɗan ruwa a dunƙule idan ta kai shekarun ritaya. Haka kuma fanshon naƙasa yana buƙatar zubin wata 12 cikin wata 36 na ƙarshe. Ke nan da zarar ta wuce shekara biyu ba zubi, wannan kariya ta fita daga hannunta.

SSNIT tana karɓar zubin sa-kai daga masu aikin kansu da waɗanda ba su da mai biya musu, kashi 13.5 na kuɗin shigar da mutum ya bayyana. Idan ta bayyana sidi 3,000, zubin wata sidi 405 ne, na shekara uku 14,580. A lissafi na kai-tsaye, ba tare da duba faɗuwar darajar sidi ba, fanshon shekara shida zai mayar da wannan kuɗi. Abin da ya kamata ta yi shi ne ta je reshen SSNIT da takardar hutunta kafin tafiya, ta shirya yadda za ta riƙa zubawa daga waje, ta kuma karɓi takardar bayanin zubinta ta duba ko watanni 108 ɗin duka suna ciki. Miji mai hankali, wanda kamfaninsa ke biyansa alawus na zaman waje, zai sa wannan 405 cikin kuɗin cefane.

Ƙarin girma kuma yana tsayawa, domin a al'adar aikin gwamnati shekarun hutu ba albashi ba sa shiga lissafin shekarun da ake buƙata a kan matsayi. Za ta dawo ta tarar da sa'o'inta sun wuce ta da mataki ɗaya. Lasisin koyarwa na hukumar NTC, da lambar aikin nas ta Majalisar Nas da Ungozoma, su ma ana sabunta su da shaidar horo, ba sa jiran kowa.

A kamfani ko makaranta mai zaman kanta

Nan babu tsani mai tsawo, mutum ɗaya ko biyu ne ke yanke hukunci, kuma amsa na iya fitowa a mako guda. Amma ƙaramin asibiti ko makarantar kuɗi a Asawase ba za ta iya riƙe gurbi shekara uku ba, kuma neman hakan yakan jawo "a'a" nan take. Abin da ya fi samun karɓuwa shi ne shekara ɗaya da damar sabuntawa, tare da tayin horar da wanda zai riƙe wurin kafin a tafi.

Tunda doka ba ta faɗi abin da hutun ya ƙunsa ba, takardar amincewa ce za ta faɗa. Ta ambaci ranakun, ta ce kwantiragi yana nan an dakatar da shi ne kawai, ta faɗi ko za a dawo kan kujerar da aka bari ko wata mai daidai matsayi da albashi, ta kuma ce shekarun da aka yi a baya ba su zube ba. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ranar da kamfani zai rage ma'aikata, domin kuɗin sallama galibi da shekarun aiki ake lissafa shi. Idan mai aiki ya ce "ki rubuta takardar ajiye aiki kawai, in kin dawo mu ɗauke ki", to ajiye aiki ne, ba hutu ba, kuma Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa ba za ta ga komai a fayil ba sai sa hannun ma'aikaciyar cewa ita ta tafi. Wanda aka hana shi hutu ya zaɓi ajiyewa, ya bi sashe na 17: sanarwar wata ɗaya idan kwantiragin na shekara uku ne ko fiye, mako biyu idan bai kai ba, sai dai in kwantiragin ya tanadi abin da ya fi haka.

Batun yin aiki a can shi ma a rubuta shi. Mai hutu ma'aikaci ne har yanzu, kuma wurare da yawa sun hana karɓar wani aikin albashi ba da izini ba. Ƙasar da aka je ma tana da nata. Ɗan Ghana yana shiga Kodibuwa, Togo ko Najeriya ba biza ya zauna kwana 90 a ƙarƙashin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, bayan haka sai takardar zama. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a 29 ga Janairun 2025, don haka mai zuwa can ya tambayi ofishin jakadanci abin da ake bi a lokacin tafiyarsa. A Saudiyya kuwa, iƙamar da ake ba iyali ba ita kaɗai ke ba da ikon yin aiki ba.

Dawowa

Hutu yana ƙarewa a ranar da aka rubuta, ko mijin ya gama ko bai gama ba. Idan an ƙara masa wa'adi, malamar za ta nemi ƙari tun da sauran wata uku ko fiye, ta haɗa da sabuwar takardar kamfaninsa, ta bi tsanin nan dai. Idan ranar ta wuce ba ƙari ba dawowa, ƙirgar kwana goma ta fara.

Idan dawowar ce, za ta rubuta tun kafin lokaci cewa tana nan tafe, ta kai kanta ofishin daraktan ilimi a ranar, ta cika takardar kama aiki. Abin da aka riƙe mata matsayi ne a GES, ba ajinta na Aboabo ba, don haka ana iya tura ta duk makarantar da ke da gurbi. Mayar da suna cikin tsarin albashi kuma yakan ɗauki watanni kafin kuɗin farko ya shigo, ko da daga baya za a biya bashin watannin. Iyalin da suka ajiye kuɗin cefanen wata uku ko huɗu kafin su baro Abijan ba za su fara zaman Kumasi da cin bashi ba. Fayil ɗin da za ta riƙe a ranar shi ne wanda ta fara tarawa tun Maris ɗin farko: wasiƙar nema mai hatimi, takardar amincewa, ta ƙari in akwai, takardar albashinta ta ƙarshe, da rasit na duk kuɗin da ta mayar.